Fanel mai wat 300, wuta nawa zai ba ni a rana?

*"Salamu alaikum Injiniya. Na sayi fanel ɗin sola mai wat 300 a nan Kano, da batir da kwantirola mai MPPT. Mai shagon ya ce mini tunda rana tana yin awa 12 a sama, zan samu wat 3,600 kullum. Amma kwantirolar 1.1 ko 1.2 kWh take nuna mini idan yamma ta yi, kuma ko da tsakar rana ban taɓa ganin ta wuce wat 230 ba. Jabu aka sayar mini ne, ko akwai abin da ban gane ba?"*

Wa alaikumus salam Malam. Alƙaluman da ka kawo ba na jabun fanel ba ne. Kusan daidai suke da abin da nake sa rai daga lafiyayyen fanel mai wat 300 a kan rufin kwano a Kano. Lissafin mai shagon ne ya kauce, domin ya ninka da awannin da ido yake ganin rana, alhali da wasu awanni dabam ake ninkawa.

Wat ƙarfin wutar ne a daidai lokacin da ka duba. Wat-awa, wanda ake rubutawa Wh, shi ne abin da ya taru bayan an ɗauki lokaci, kuma 1,000 Wh shi ne 1 kWh. Kamar famfo ne da ganga: wat shi ne ƙarfin zubowar ruwan, wat-awa kuma ruwan da ka tarar a gangar da yamma. Saboda haka 230 ɗin da kake gani da tsakar rana da 1.2 ɗin da kake gani da yamma abubuwa biyu ne, kowanne da dalilinsa.

Inda aka samo 300 ɗin

Juya bayan fanel ɗin, za ka ga takarda a manne. An rubuta Pmax 300W, a ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe akwai STC da lambobi uku: 1000 W/m², 25°C, da AM 1.5, wadda ke nufin kaurin iskar da hasken ya ratso. Ma'anarsu ita ce a masana'anta an haska wa fanel ɗin haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, zafin jikin ƙwayoyinsa, wato ƙananan murabba'an nan da ke jere a ƙarƙashin gilashin, yana digiri 25, sai ya ba da wat 300. Alkawarin da kamfani ya yi ke nan, bai wuce haka ba. Idan hasken ya koma wat 500 a murabba'in mita, fanel ɗin zai ba da kusan rabi. Idan ya koma 200, kusan kashi ɗaya cikin biyar.

To rana ba ta ba da wat 1,000 daga fitowarta har faɗuwarta. Ɗauki wata rana mai garau a Kano, babu hadari babu hazo, mu bi ta awa-awa a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Awar farko bayan fitowar rana hasken bai fi wat 80 ba a murabba'in mita, domin a kwance yake zuwa kuma ya ratso iska mai kauri. Awa ta biyu ya kai kamar 250, ta uku 450, ta huɗu 650, ta biyar 800, ta shida wadda ta kai ka tsaka ta kai 900. Daga nan ya riƙa sauka kamar yadda ya hau. Haɗa na safen duka, za ka samu 3,130. Haɗa da na yamma, 6,260 wat-awa ke nan a kowace murabba'in mita. Waɗannan lambobi misali ne na yadda yinin yake tafiya, amma haka siffarsa take.

Yanzu ka tambayi kanka: da rana za ta tsaya cak a kan wat 1,000, awa nawa za ta yi kafin ta zubo wannan 6,260? Awa shida da ɗan ɗori, wato 6.26. Waɗannan su ne awannin cikakkiyar rana. Ba wani lokaci ba ne a agogo, kamar a ce daga ƙarfe tara zuwa uku. Hasken yinin ne gaba ɗaya aka dunƙule shi aka auna da ma'aunin da aka gwada fanel ɗin da shi. Shi ya sa ninkawar take yin daidai: fanel yana ba da wat 300 a hasken 1,000, yinin kuma ya ba da kwatankwacin awa kaza na hasken 1,000.

Abin daɗin shi ne ba sai ka zauna kana aunawa ba. Duk inda ka ga an rubuta hasken rana na wani gari da kWh/m² a rana, lambar nan ita ce awannin. Shiga Global Solar Atlas, taswirar da Bankin Duniya ya ɗauki nauyi, ka rubuta sunan garinku, ka duba layin GHI, wato hasken da ke sauka a shimfiɗaɗɗen wuri, ka sa ya nuna maka na rana maimakon na shekara. PVGIS na Tarayyar Turai da NASA POWER su ma suna bayarwa, har wata-wata. Matsakaicin shekara na Kano yana tsakanin 5.5 da 6. Idan ka nausa arewa wajen Agadas ya haura 6, idan ka gangara Fatakwal ya sauko wajen 4 da ɗan wani abu. Ni 5.5 nake ɗauka wa Kano idan lissafin shekara nake yi, domin gara in rage da in cika baki.

```
Wh = W × awannin cikakkiyar rana × 0.75
300 × 5.5 = 1,650
1,650 × 0.75 = 1,238 Wh
```

Ka ga tun kafin a cire komai, 3,600 ɗin mai shago ta koma 1,650. Saura 0.75 ɗin nan, wanda shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi cancantar a zauna a kansa.

Ina kashi ɗaya cikin huɗun yake tafiya

Zafi ne babban mai ci. Mutane da yawa sun ɗauka rana mai ƙuna ita ce ke ba fanel ƙarfi. Haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. A takardar bayanan yawancin fanel ɗin da ke kasuwa za ka ga cewa duk digiri ɗaya da ƙwayoyin suka haura 25, ƙarfin yana raguwa da kashi 0.3 zuwa 0.45 cikin ɗari. Kuma zafin da ake nufi na jikin fanel ne, ba na iska ba. Baƙin gilashi da ke shanye a rana yakan fi iskar wurin zafi da digiri 25 zuwa 30. A watan Afrilu, iskar Kano tana digiri 39 ko 40, fanel ɗin yana wajen 68 ko 70. Wanda ya taɓa ɗora tafin hannu a kansa bayan Azahar ya san ba ya iya barinsa a wurin. Digiri 45 ke nan sama da na gwaji. Ninka da 0.4, an tafi da kashi 18 cikin ɗari.

A nan amsar 230 ɗinka take. Hasken tsakar rana wat 900 ne, saboda haka 300 ya zama 270. Zafi ya cire kashi 16 zuwa 18, ya rage 220 zuwa 227. Idan ka ga 230, fanel ɗinka yana yin duk abin da zai iya. Wani lokaci da damina, bayan an ɗauke ruwa, gilashi a wanke kuma a sanyaye, rana ta leƙo ta gefen farin gajimare, za ka iya ganin 280 ko ma 300 na 'yan mintoci. Sai ya ɗumama ya koma inda ya saba.

Da safe da yamma fanel bai kai wannan zafin ba, don haka idan aka bi yinin duka asarar zafi takan tsaya wajen kashi 12 ko 13. Yadda aka kafa shi ma yana da hannu a ciki. Na sha hawa rufi in tarar an kwantar da fanel kai tsaye a kan kwano an ɗaure da waya, babu ko tazarar yatsa. Kwanon yana gasa shi daga ƙasa, rana daga sama. Ɗaga shi a kan ƙarfe da tazarar kamar santimita 10 zuwa 15 don iska ta ratsa yana dawo da wani abu, kuma kuɗinsa bai kai ya kawo ba.

Na biyu ƙura. A garin da ake ruwa akai-akai ba a cika damuwa da ita ba, amma mu nan daga Nuwamba zuwa Maris sama ba ta wanke mana komai. Ina sa kashi 7 a lissafi ga mai wanke fanel duk mako. Wanda ya bar shi wata guda cikin hunturu, har ana iya rubuta suna da yatsa a kan gilashin, asararsa ta ninka wannan ko ta fi. Ka lura hunturu ta hanya biyu yake yi mana illa: hazon da ke sama yana rage awannin cikakkiyar rana, ƙurar da ta sauka a gilashi kuma tana rage abin da ya iso. Na farko babu yadda za ka yi da shi. Na biyu bokitin ruwa ne da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Sauran ƙanana ne: waya tana cin kashi 2 ko 3 idan kaurinta ya dace kuma ba ta yi tsawo ba, kwantirola mai MPPT tana cin kamar kashi 4. Ba tara su ake yi ba, ninka abin da ya rage ake yi:

```
0.87 × 0.93 × 0.97 × 0.96 = 0.75
```

Ga inda 0.75 ya fito. Ba doka ba ce. Sabon fanel, a ɗage, a wanke, cikin sanyin Janairu, zai iya kai 0.8 ko sama. Tsohon da ya kwana biyu a kan kwano da siririyar waya zai iya sauka 0.65. Naka 1,100 zuwa 1,200 idan ka raba da 1,650 ya ba da 0.67 zuwa 0.73. Yana cikin iyaka, sai dai ƙasan ya ɗan yi ƙasa, kuma abu na farko da zan zarga shi ne ƙura.

Abin da zai sa lissafin ya ƙi fita

Wannan hanya tana gaya maka abin da fanel zai iya bayarwa, ba abin da dole ka gani a allon kwantirola ba. Idan batirinka ya cika da ƙarfe ɗaya na rana kuma babu abin da yake kunne, kwantirola tana rage abin da take ja, sauran hasken yinin ya tafi a banza. Sai ka ga 0.7 kWh ka ce fanel ya lalace, alhali wurin zubawa ne babu. Duk ranar da kake son gwada fanel da gaske, ka tabbata batir ya kwana da yunwa, ko ka bar fanka da talabijin a kunne da rana. Idan allon ya nuna Float, wato batir ya cika, tun kafin La'asar, lambar ranar nan ba shaida ba ce.

Sai maganar kwantirola, kuma ina so ka tabbatar taka MPPT ce ta gaske, domin akwai ƙanana masu arha a kasuwa da aka rubuta musu MPPT a goshi alhali cikinsu PWM ne. Ta gaske tana da nauyi a hannu saboda naɗin wayar tagulla da ke ciki, kuma idan bolt ɗin fanel ya fi na batir nesa, amfiyar da ke shiga batir takan fi wadda ke fitowa daga fanel. Bambancin ba ƙarami ba ne. Fanel mai wat 300 na ƙwaya 60 yakan nuna Vmp wajen 32.5 da Imp wajen 9.2 a takardarsa, wato bolt da amfiyar da yake bayarwa a cikakken ƙarfinsa. MPPT tana juya rarar bolt ta zama amfiya, PWM kuwa ba ta yin haka, jan fanel ɗin kawai take yi ya sauko daidai da batir. Idan batirin na bolt 12 ne yana caji a 13.5, abin da zai shiga shi ne 9.2 sau 13.5, wato wat 124 daga fanel mai 300. A irin wannan haɗin da amfiya ake lissafi: 9.2 sau 5.5 ya ba da kusan amfiya-awa 50, wato wat-awa 680, kafin a cire ƙura. Tunda kai kana ganin 230, ba ka cikin wannan matsalar. Na kawo ta ne saboda rabin waɗanda ke kawo mini kukan jabun fanel, nan ciwonsu yake.

Inuwa ma lissafin bai san da ita ba. Taswira ta ɗauka sararin sama a buɗe yake daga gabas har yamma. Tankin ruwa, reshen darbejiya, katangar benen maƙwabci, duk suna yanke wani ɓangare na yinin. Kuma ƙwayoyin a jere aka haɗa su, saboda haka inuwar da ta rufe ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe kashi ɗaya cikin uku na fanel ɗin. Inuwar ƙarfe bakwai na safe ba ta da wani tasiri, ka ga awar 80 ce. Wadda ta faɗo tsakanin goma da uku ita ce mai tsada.

Game da fuskantarwa, Kano tana digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka a karkata fanel ya kalli kudu da digiri 10 zuwa 15. Ribar karkatarwar a shekara kaɗan ce a wurinmu, domin daga ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta rana ta arewa take bi mana da tsaka. Amfaninta na gaske shi ne ruwan sama ya gangara da datti maimakon ya kwanta a gindin firam ya bushe ya bar laka. Abin da nake hanawa shi ne bin gangaren rufi mai tsini da ke kallon gabas ko yamma don kawai ya fi sauƙin ɗaurewa. Nan awannin 5.5 ba naka ba ne kuma.

Idan har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba

Jabun fanel akwai shi, ba na musu. Gwaji biyu ne suke fallasa shi, kuma na farko tef ɗin awo kawai yake buƙata. Fanel ɗin da ake sayarwa yau suna juya kashi 17 zuwa 23 cikin ɗari na hasken da ya sauka musu, wato wat 170 zuwa 230 a kowace murabba'in mita. Mai wat 300 na ƙwaya 60 yakan yi kamar mita 1.65 a tsawo da mita 1 a faɗi. Idan naka duka-duka murabba'in mita ɗaya ne kuma an manna masa 300W, takardar ce ta yi ƙarya, babu buƙatar wani awo.

Na biyu amfiya. Kada ka yarda da mai shagon da zai ɗora mita ya nuna maka bolt 38 ya ce ka gani. Bolt yana tashi ko a hasken inuwa, ko a fanel mai rabin ƙarfi. Amfiya ce ke bin yawan haske da girman ƙwaya, kuma zafi ba ya rage ta. A rana mai garau, wajen sha biyu da rabi, wanda shi ne tsakar ranar Kano a agogonmu, wanke fanel, rufe shi da bargo, cire shi daga kwantirola, haɗa mita a kan amfiya tsakanin wayoyinsa biyu, sannan ka yaye bargon. Kwatanta da Isc na takarda, wato amfiyar da fanel ke bayarwa a irin wannan haɗin, wanda a irin naka yakan kai 9.7. Idan ka ga 8.3 zuwa 9.5, lafiya lau. Idan 5 ko 6 ka gani, fanel ɗin na 180 ko 200 ne aka sauya wa suna. Yawancin ƙananan mita iyakarsu amfiya 10, don haka kada ka daɗe a haɗe, kuma fanel ɗaya ake gwadawa, ba jeri ba. Idan ba ka saba da mita ba, kira mai gyara ya yi a gabanka.

Abin da zai iso soket

Lambar 1,238 a bakin batir take. Wutar da za ka yi amfani da ita da dare sai ta shiga batir ta fito, ta ratsa inbata. Batir mai ruwa yana mayar maka da kashi 80 zuwa 85 na abin da ka zuba, na litiyam ya haura 90. Inbata tana cin kashi 10 zuwa 15. Da batir mai ruwa, 1,238 sau 0.85 sau 0.88 ya rage kusan 930.

Mu gwada da kayan ɗaki ɗaya. Fanka mai wat 60 na awa 8, 480. Ƙwan fitila huɗu masu wat 10 na awa 5, 200. Talabijin mai wat 50 na awa 4, 200. Cajin wayoyi, 40. Jimla 920. A takarda ya shiga cikin 930, amma da ƙyar, kuma da matsakaicin shekara muka yi lissafin. Babu wanda yake rayuwa a matsakaici. Maris da Afrilu awannin sukan haura 6, Agusta kuwa sukan sauko wajen 5, kuma ranar da hadari ya yini a rufe za ka iya samun 2 ko 3 kacal. Idan da wutar nan kaɗai ka dogara, da watan da ya fi rauni ake lissafi, kuma ni 4.5 nake sawa don in bar wa kwanakin hadari wuri. Sai ka juya lissafin:

```
920 ÷ (4.5 × 0.75 × 0.75) = 363 W
```

0.75 na farko na rufi ne, na biyu na batir da inbata. Wato mai irin wannan kaya 400 ya kamata ya saya, ba 300 ba. Idan kayanka sun kai haka, ƙara fanel na biyu irin na farko sak, bayan ka duba cewa kwantirolarka za ta ɗauki bolt da amfiyar biyun.

Wani gargaɗi idan ka shiga Global Solar Atlas: akwai layin PVOUT, wanda ke nuna kWh nawa kowane kilowat na fanel zai bayar. An riga an cire zafi da sauran asara a cikinsa, saboda haka ninka shi da 0.3 kawai za ka yi don fanel ɗinka, kada ka sake sa 0.75. Zai ɗan fi lissafina yawa, domin ya ɗauka ana wanke fanel, iska tana ratsa shi, kuma babu batirin da zai cika ya tsayar da caji.

Daga nan inda nake ba zan iya raba maka nawa ƙura ta ci nawa cikar batir ta ci a cikin 1.1 ɗinka ba, amma kai za ka iya cikin mako guda. Wanke fanel, bar kaya a kunne da rana yadda batir ba zai cika ba, ka riƙa rubuta kWh ɗin kowace Magariba tare da yadda sama ta yini. Raba kowace lamba da 0.3. A ranakun garau ya kamata ka ga 4 zuwa 4.7. Idan a wanke, babu inuwa, batir bai cika ba, kuma har yanzu kana ƙasa da 3.5, to sai a ɗauko tef da mita.